Ramin bis ɗin pomel ya lalace: yadda ake cike shi da turiyon da kol

Tambaya: Malam, ina wuni. Ina Tahoua ne, ƙofar ɗakina ta katako ce, kadir ɗinta ma katako. Bis uku na pomel ɗin sama sun daina kamawa, in na murɗa sai su yi ta juyawa a banza, ƙofar kuma ta sunkuya tana jan ƙasa. Na cusa tsinken ashana, ya yi ƴan kwanaki ya sake saki. Na sa bis mafi kauri, shi ma haka. An ce mini a sa turiyon, wato ɗan zagayayyen sandan katako da ake cusawa a ramin, da kol. Yaya ake yi, kuma yana daɗewa?

Amsa: Lafiya lau ƙanena. Yana daɗewa, har ma wurin yakan fi yadda yake da fari ƙarfi, amma da sharaɗi guda: sai ka yarda ka ƙara wa ramin faɗi da hannunka kafin ka cike shi. Nan ne mutane da yawa ke ja da baya, don suna ganin ramin da ya riga ya yi yawa ba a ƙara masa. Kol fari na kafintoci ba ya cike gurbi. Aikinsa shi ne haɗa itace biyu da suka manne da juna sosai, kuma bis ba ya kama kol, itace yake kamawa. Ramin da bis ya cinye bango ne mai kaushi cike da gari da karyayyun zaruruwa, babu abin da zai manne masa da kyau. Shi ya sa ashanarka ta saki: ta matse bis ɗin na ɗan lokaci, amma ita kanta ba ta riƙe komai ba, kuma itacen ashana laushi gare shi, bis yana niƙe shi.

Ka san kuma dalilin da ya sa na sama ne ya fara lalacewa, don shi zai gaya maka irin ƙarfin da gyaran ke buƙata. Mu ce ƙofarka tana da faɗin santimita 80, nauyinta kilo 25, tazarar da ke tsakanin pomel na sama da na ƙasa mita 1 da santimita 60. Nauyin ƙofa yana tsakiyarta ne, santimita 40 daga pomel, yana son ya kifar da ita. Pomel na ƙasa ana danna shi cikin kadir, shi ko na sama fizgo shi ake yi waje, da ƙarfin da ya kai wajen kilo 6, dare da rana. In yaro mai kilo 20 ya rataya a hannun ƙofar yana lilo, abin ya haura kilo 15. Ga kuma yanayinmu: katakon da ake kawo mana daga ƙasashen bakin teku yakan iso da sauran danshi, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke, damana ta zo ya kumbura. Kowace shekara ramin yana ɗan sakin bis, bis ya samu wurin motsi, kowane buɗewa da rufewa kuma haƙoransa suna goge itacen kamar zarto.

Kafin ka sayi komai, cire ƙofar ka duba katakon. Kada ka yi aikin tana rataye da pomel na ƙasa kaɗai, za ka lalata wancan ma. Ka sa itace ko bulo a ƙarƙashinta, wani ya riƙe maka, ka kwance na ƙasa, ka jingine ta. Sai ka ɗauki ƙusa ko bakin turnabis ka soka kewaye da ramukan. In katakon ya yi tauri yana ƙin shiga, madalla. In ƙusar ta nutse da sauƙi, ko ka ga ƙasa-ƙasa a ciki, ko ka ƙwanƙwasa ka ji sautin kogo, gara ta riga ka, kuma turiyon ba zai yi maka komai ba, don babu lafiyayyen itacen da zai manne masa. Wannan sai an yanke ɓangaren an dasa sabon katako, ko a canza ƙafar kadir ɗin gaba ɗaya. Ka duba kuma ko akwai tsaga da ta bi ta ramukan uku a layi ɗaya. Bis mai kauri da aka tura da ƙarfi yakan jawo haka. In akwai ta, ita za ka fara gyarawa: buɗe ta kaɗan da bakin wuƙa, tura kol ciki da ƴar takarda mai kauri, matse da abin matsewa ko ka ɗaure da robar tiyo, ka bar ta ta kwana. In ka buga turiyon cikin katako mai tsaga, ƙara buɗe ta zai yi.

To mu ce katakon lafiya yake. Girman turiyon ya danganta da abu biyu: kaurin bis ɗin da za ka sa, da faɗin ɓarnar da ke wurin. Dole kaurinsa ya kai aƙalla ninki biyu na kaurin bis, don a samu itacen da zai kewaye haƙoran ta kowane gefe, kuma dole ya fi ramin da ya lalace faɗi, don meshi, wato ƙarfen da ake huda rami da shi, ya kwashe ruɓaɓɓen bangon duka. Pomel ɗin ƙofar ɗaki yawanci bis mai kaurin milimita 4 yake ɗauka. Kai ka riga ka tura mai 5, ya kuma yi wasa a ciki, saboda haka bakin ramin yanzu zai kai 6 ko 7. Turiyon mai milimita 8 zai yi maka kaɗan, wani gefen meshi ba zai taɓa shi ba. Ka nemi mai 10. Sai dai ka auna daga tsakiyar ramin zuwa gefen katakon: in akwai milimita 12, bayan hudar 10 saura 7, ya isa. In abin da zai rage bai kai 5 ba, koma wa mai 8, ko ka yi dashen da zan faɗa maka can gaba.

Ana samun turiyon yankakku masu layi-layi a jiki, na milimita 6, 8 da 10, wajen masu sayar da kayan kafinta. In ba ka samu a Tahoua ba kada ka jira wani ya taho maka da shi daga kasuwar Katako ta Yamai, yin sa ba wuya. Ka samu guntun jan katako mai tauri, busasshe, mai miƙaƙƙen zare, irin maɗaci. Tsaga shi za ka yi da wuƙa ko adda, ba yankawa da zarto ba, don tsagawa tana bin zaren itacen, abin ya fito da ƙarfinsa. Ka feƙe shi ya ɗan fi milimita 10, sannan ka huda ramin 10 a jikin wani ƙarfe mai kauri, ka buga itacen ta ciki da guduma, ya fito ta ɗaya gefen a zagaye. Busasshe na ce, kuma da gaske nake. Ɗanyen reshen dogon yaro da aka feƙe yau zai shiga ram, amma kafin bazara ya tsuke ya bar bangon ramin, ka zaro shi da bis ɗin gaba ɗaya. Farin katako mai laushi ma ban so shi a nan, irinsa ne ya ba ka matsala tun farko.

Hudar ita ce wurin da aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Meshi ba ya son tsohon rami mai karkace, yakan bi gefen da ya fi laushi ya kauce. Kada ka fara da na 10 kai tsaye. Ka bi da na 6 ko 7, sannan 8, sannan 10, kowanne yana gyara wa na bayansa hanya. Meshin katako mai tsini a tsakiya, wanda shi ne mafi kyau a sabon wuri, a nan ba shi da abin da tsininsa zai kama, sai ya yi ta tsalle yana yage bakin ramin. Meshin ƙarfe na yau da kullum ya fi shi a wannan aiki, don bakinsa mai gangare yana zama tsakiyar rami da kansa. In hannunka bai saba ba, huda ramin 10 a miƙe cikin wani guntun katako mai kauri, ka ɗora shi daidai kan wurin, ka matse, ya zama jagora.

Zurfin kuma ka auna shi da bis ɗin da za ka sa. Ina ba ka shawarar mai kaurin 4, tsawon milimita 40, in kaurin kadir ya ba da dama. Ka huda zurfin milimita 35 zuwa 40, ka naɗa ɗan salatif a jikin meshin daidai wurin don ka san inda za ka tsaya. In kaurin katakon 45 ne, tsaya a 35, kada ka fasa ta baya ka shiga siminti, meshi ya dakushe kuma kol ya zube ta can. Bayan huda ka fitar da garin duka, da busawa ta bakin bututun biro ko da ɗan buroshi. Garin da ya rage yana shanye kol ya hana shi isa ga bango.

Yanzu gwada turiyon ɗin a bushe, ba kol. Yadda ake so shi ne ya shiga da turin babban yatsa ko ɗan bugu mara ƙarfi, kuma in ka girgiza shi kada ya yi motsi. In sai da dukan gaske yake shiga, ya yi kauri: zai goge kol ɗin duka ya tura shi ƙasan ramin, bangon ya zauna a bushe, kuma yana iya tsaga kadir, musamman da yake ruwan kol yana ɗan kumbura shi. Ka rage shi da samfefa. In kuma yana rawa a ciki, sake wani, kada ka ce kol zai cike. Ka ɗan feƙe bakinsa don ya shiga ba tare da ya kankare bango ba. Wanda ka yi da hannunka ba shi da layi-layin nan na kanti, saboda haka ka ja masa tsagi ɗaya a tsawonsa da bakin zarto. Ba ado ba ne. Ramin toshe yake ta ƙasa, in iska da rarar kol ba su samu hanyar fita ba, turiyon zai tsaya a rabi ya ƙi shiga, ko ka ga yana dawowa da kansa, in ka matsa da guduma kuma matsin ya fasa katakon ta gefe. Tsawonsa ya fi zurfin ramin da kamar santimita ɗaya, ka yi masa alama da fensir a inda ya kamata ya tsaya.

Kol ɗin, fari na katako nake nufi, mai kama da nono mai kauri. In ƙofar tana kusa da makewayi ko inda feshin ruwan sama ke kaiwa, duba gwangwanin ka ɗauki mai alamar D3, ya fi jure danshi. Kol mai ruwan ɗorawa mai warin fetur, wanda ake manna fata da fomika da shi, ba na wannan aiki ba ne: yana zama kamar roba, yana miƙewa in an ja. Ɗan ƙaramin nan mai kamawa nan take ma ka bar shi, yakan kama kafin turiyon ya kai ƙasa, kuma yana da gautsi. Ka kuma duba na wajen mai shago, don zafinmu yana kashe kol: in ya yi gudaji, ko yana jan zare kamar kuɓewa, ko ya ƙi haɗuwa bayan an motsa shi, ya tashi aiki.

Shafa shi a wuri biyu, cikin ramin da jikin turiyon. Na cikin ramin ka yi da tsinke, ka zagaya bangon duka har ƙasa, ba ka tsiyaya shi ya taru a gindi ba. Na jikin turiyon shafi kaɗan ya isa. Sai ka yi sauri. A ƙa'ida kana da minti biyar zuwa goma, amma a watan Afrilu ko Mayu a Tahoua, zafi ya haura 40 ga busasshen katako yana shan ruwa, cikin minti biyu ko uku kol ya fara yin fata. Saboda haka rami ɗaya-ɗaya za ka yi, kuma da safe ya fi. Tura shi kana ɗan murɗawa, ka ƙarasa da bugu a hankali. Kunnenka zai gaya maka ya kai: sautin yana canzawa daga na kogo ya koma daskararre, alamar fensir kuma ta zo daidai bakin rami. Ya kamata ka ga siririn zoben kol ya fito kewaye da shi. In bai fito ba, ka yi rowar kol. Goge rarar da tsumma mai ɗan danshi.

Daga nan sai haƙuri har gobe. Bayan awa ɗaya zai yi kamar ya kama, a waje ma ya bushe, amma cikin rami iska ba ta shiga, ruwan kol sai ya bi ta cikin itacen ya fita. In ka ɗaura bis da wuri, murɗin zai juya turiyon ɗin a cikin raminsa, haɗin ya karye tun bai ƙulla ba, kuma ba ya sake kamawa. Awa 24 ake ba shi, da damana ma kada ka rage. Ka rataya labule a ƙofar daren nan.

Washegari ka yanke abin da ya fito da zarto mai ƙananan haƙora, ka sa ɗan kwali a ƙarƙashin zarton don kada ya karce fenti, ka ƙarasa da cizal mai kaifi ko samfefa da aka naɗa a guntun katako. Dole ya yi daidai da fuskar gurbin pomel. In ya ɗaga ko da milimita ɗaya, pomel zai zauna a kansa yana lilo, ƙofar ta ƙi rufuwa da kyau, bis kuma ya sake samun wurin motsi.

Ga wani abu da ya kamata ka sani game da turiyon, wanda shi ne rauninsa. Zaren itace kamar tsintsiya yake. In bis ya ratsa ta gefe, haƙoransa suna shiga tsakanin tsinkaye suna riƙe su. In ya shiga ta kai, yana bin tsawonsu ne, yana iya raba su ko ya yanke su. Turiyon kuwa ta kai bis ke shigarsa, kuma riƙon da ake samu ta kai kamar kashi uku cikin huɗu ne na riƙon gefe, in bai tsage ba. Abubuwa uku ke rama wannan: itacen turiyon ya fi na kadir tauri, bis ya fi na da tsawo, sannan a yi masa ramin jagora. Na ukun nan ba a tsallake shi. Ɗora pomel a gurbinsa, ka soka tsini daidai tsakiyar kowane rami nasa, don meshi yana son zamewa a kan turiyon mai tauri ya gangara gefe inda katako ya fi laushi. Ka huda da meshin milimita 3 in jan katako ne, 2.5 in mai laushi ne, zurfin ya kusa tsawon bis. In ba ka da tabbas, ɗora meshin a gaban bis ka duba a haske: ya rufe sandar tsakiya, haƙoran kuma su leƙo ta gefe biyu.

Ka goga ɗan kyandir a haƙoran bis ɗin. Sabulu ma yana sa santsi amma yana jawo tsatsa. Kada ka sa kol a jikin bis, ba ya ƙara komai, sai wahala ranar cirewa. Kuma ka ɗaura da hannu, aƙalla juyin ƙarshe. Injin ɗaura bis ba ya jin lokacin da kai ya zauna, juyi ɗaya na ƙari ya isa ya yanke sabbin haƙoran da bis ya yi wa kansa cikin turiyon, ka koma inda ka fito. Da kan bis ya zauna cikin gurbinsa ka ji turnabis ya yi nauyi, ƙara kwata ɗin juyi ka tsaya. Ka koma wa mai kaurin 4, don kan mai 5 ba ya nutsewa cikin ramin pomel, yana tokare ɗaya ɓangaren in an rufe ƙofa, wannan tokarewa kuma tana fizgar bis kowace rana.

In ƙofar mai nauyi ce sosai, ko ramukan sun yi kusa da gefe, ko ɓarnar ta haɗe ramuka biyu, na fi son dashe maimakon turiyon uku. Ana sassaƙe gurbi mai kusurwa huɗu a wurin pomel ɗin gaba ɗaya, zurfin kamar milimita 15 zuwa 20, a yanka jan katako daidai shi, zarensa yana bin tsawon kadir, a manna a matse. Nan bis yana samun riƙon gefe cikakke. Ya fi cin lokaci kuma yana son hannun kafinta. Katakon garin itace da ake yin armuwar na kanti da shi kuwa wani zance ne: bangon raminsa marmashewa yake yi, sai turiyon mai faɗi da kol mai haɗi biyu, wanda shi yana iya cike gurbi.

Da ka mayar da ƙofar, rufe ta a hankali kana kallon pomel na sama. In ka ga yana ɗagowa daga katako daidai lokacin da ƙofar ke gab da rufuwa, wani abu yana tokarewa, ko gefen ƙofar yana taɓa kadir ta wajen pomel, ko gurbin ya yi zurfi. In gurbin ne, sa siririn kwali a ƙarƙashin pomel ya ɗago shi. In ƙofar ce ta kumbura, a rage ta kaɗan da rabo, wato abin kankare katako na kafinta, amma ka tuna wadda aka daidaita cif da rani za ta matse da damana, a bar mata tazarar milimita 2 zuwa 3. Ka duba bis ɗin pomel na ƙasa da na jikin ƙofar kanta tun tana ƙasa, wanda ya fara juyawa a banza ka yi masa nasa turiyon a rana ɗaya. Sannan ka ja layin fensir a gefen pomel na sama, ka duba bayan sati biyu. In pomel yana kan layinsa, gyaran ya kama. In ya matsa, cire bis ɗaya ka leƙa: garin itace a haƙoransa yana nufin ramin jagora ya yi faɗi ko an wuce da ɗauri, sai ka sa mai tsawon 50 in kaurin kadir ya yarda. In ko turiyon ne ya biyo bis ɗin waje, jikinsa sumul ba zaren katako a manne, to kol ne bai kama ba, sai a sake hudawa da meshin 12 a maimaita.